Hoton ganye ɗaya: Yaushe malamin gona zai ce bai isa ba?

A ƙauyukan da ke kewaye da Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa a jihar Kano, wayar salula ta sauya yadda manomi ke kai kukansa ga malamin gona. Maimakon ya jira ranar kasuwa, ko ya ɗauki tsiron da ya lalace ya nufi ofis, sai ya ɗauki hoto ya aika ta WhatsApp, tare da gajeren saƙon murya: Malam, gyaɗata ta yi rawaya, wane magani zan saya?

Sau da yawa amsar da ta dace da wannan tambaya ba sunan magani ba ce. Amsar ita ce a ƙaro hoto, kuma a faɗi takamaiman irin hoton da ake so.

Wannan ba ƙin taimako ba ne. Manomin da aka ba shi amsa a gaggauce zai kashe kuɗinsa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ya sayi abin da watakila ba shi da alaƙa da ciwon gonarsa. Kafin ya gane, makonni biyu sun wuce, kuma a rayuwar gyaɗar da ke nuna cikin kwana 90 zuwa 100, makonni biyu ba ƙaramin lokaci ba ne.

Ma'aunin da ake dubawa

Akwai hotunan da ke amsa kansu. Idan aka aiko hoton gonar dawa ga wuta-wuta ta yi furenta a gindin kara, babu wani abin tambaya. Haka ma tsutsar nan mai cin masara, wadda masana na Cibiyar IITA suka tabbatar da ɓullarta a Najeriya a shekarar 2016: idan hoton ya fito da kanta sosai, za a ga alama mai kama da harafin Y a kife, da ɗigo huɗu baƙaƙe masu siffar murabba'i kusa da wutsiyarta. A waɗannan hotuna biyu, mai laifin ne kansa ya bayyana.

Ganyen da ya yi rawaya kuwa ba mai laifin ba ne, sawunsa ne kawai. Kamar zazzaɓi yake a jikin mutum, wanda cututtuka iri-iri ke kawowa.

Saboda haka ma'aunin da gogaggen malamin gona ke amfani da shi mai sauƙin faɗa ne. Yakan tambayi kansa: abubuwa nawa ne za su iya haifar da abin da nake gani a hoton nan, kuma maganinsu ɗaya ne? Idan abu ɗaya ne, sai ya amsa. Idan abubuwa biyu ne amma matakin da manomi zai ɗauka iri ɗaya ne, nan ma yana iya amsawa. Amma idan abubuwa biyu ne ko uku, kuma kowanne da hanyarsa, ɗaya na son taki, ɗaya na son feshi, ɗaya kuma ba ya jin ko wanne, to hoton bai isa ba, komai kyawunsa.

Daga nan sai tambaya ta biyu ta biyo baya, wadda ita ce ke bambanta ƙwararre da mai koyo: wane hoto ne guda ɗaya zai raba waɗannan abubuwa? Cewa manomi ya ƙaro hotuna kawai ba ya wadatarwa, domin zai aiko guda goma na ganyen nan dai, daga kusa, duk suna faɗin abu ɗaya.

Wannan hanya ta cire abin da ba shi ba ne har a kai ga wanda ya rage, ita ce ƙungiyar CABI ta riƙa koya wa malaman gona a ƙasashe da dama, a ƙarƙashin shirinta na Plantwise da ta ƙaddamar a 2011, inda akan kafa asibitin tsirrai a kasuwanni, manoma su kawo samfur. Bambancin shi ne, a can malamin na riƙe da tsiron a hannunsa, yana iya juya shi ya kuma tsaga saiwarsa. Wanda aka aiko wa hoto kuwa, sai ya mai da manomin ya zama hannunsa.

Me ya sa gyaɗa ke rawaya?

Yankin Zakirai na cikin karkarar Kano mai yawan jama'a, inda ake noma ƙasa kusan kowace shekara ba hutu, a haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, a kuma dogara da takin gargajiya da tokar gida. A irin wannan ƙasa ta jigawa, dalilan da ke sa gyaɗa rawaya suna da yawa, kuma sukan zo a lokaci guda.

Na farko shi ne yunwa. Gyaɗa na samar wa kanta sinadarin naitirojin ta hanyar wasu 'yan ƙululu da ke jikin saiwarta, inda ƙwayoyin bakteriya ke zaune. Idan ƙululun ba su yi aiki ba, tsiron zai koɗe, kuma tsofaffin ganyen ƙasa ne ke fara rawaya, domin tsiron na kwashe abin da ke cikinsu ya tura wa sababbin toho. Ƙarancin sinadarin ƙarfe akasin haka yake: tsiro ba ya iya ɗauke shi daga tsohon ganye, saboda haka sababbin ganyen sama ne ke fari-fari, jijiyoyinsu kuma su tsaya kore. Akan ga haka a inda ruwa ya kwanta, ko inda toka ta yi yawa. Ƙarancin farar wuta shi ma a sabon ganye yake bayyana, sai dai ganyen duka ne ke koɗewa, har da jijiyoyin.

Ke nan hoton ganye ɗaya da aka tsinko aka ɗora a tafin hannu ya riga ya zubar da muhimmin bayani: daga sama aka ciro shi ko daga ƙasa?

Sai kuma cututtukan ɗige-ɗige da tsatsa, waɗanda ke tasowa idan ruwa ya zauna, da ɓarnar gara a saiwa, da ƙunar maganin kashe ciyawa da iska ta kwaso daga gonar maƙwabci.

Wadda aka fi tsoro a cikinsu ita ce kuturtar gyaɗa, wadda a littattafan masana ake kira rosette. Dattawan manoma a Kano ba su manta da ita ba. A shekarar 1975 annobarta ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a arewacin Najeriya, asarar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 250, kuma tana cikin abubuwan da suka karya bayan noman gyaɗa a ƙasar da aka san ta da dala. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, darɓa kuma, wato 'yan ƙananan ƙwarin nan baƙaƙe masu tsotsar ruwan tsiro, su ne ke ɗaukar ta daga wannan gindi zuwa wancan. Gindin da ya kamu ba ya warkewa. Ba taki, ba feshi.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka wani manomi ne a ɗaya daga cikin ƙauyukan Gabasawa ya aiko hoto a tsakiyar watan Agusta. Hoton na ganye ne guda, an ɗauke shi da tsakar rana, rawaya da kore sun cakuɗe a jikinsa. Manomin ya ce wani mai shagon magani ya ba shi shawarar ya zuba yuriya.

Abin da malamin gona zai fara nema ba hoton da ya fi wannan kusa ba ne. Wanda ya fi nisa ne. Zai ce masa, Baba, ka koma bakin gona ka tsaya a inda za ka hango ta duka, ka ɗauko min ita har da iyakarta da ta maƙwabci.

Dalili kuwa shi ne, yadda ciwo ya shimfiɗu a gona ya fi launin ganye ba da labari. Abin da ya fito daga ƙasa ko daga ruwa yakan bi yanayin ƙasar: kwarin gona duka ya yi rawaya, tudu na nan kore, kuma tsiran da ke wuri guda su yi kama da juna. Abin da ya fito daga hannun mutum yakan bi layi: kunya uku a jere sun ƙone, ta huɗu lafiya, ko kuma gefen da ke fuskantar gonar maƙwabci ne kaɗai ya taɓu. Abin da ƙwaro ke yaɗawa kuwa tsalle yake yi, gindi ɗaya a nan, uku a can, lafiyayye na tsaye kafaɗa da kafaɗa da mara lafiya.

A misalin nan, hoto na biyu ya nuna gona shimfiɗaɗɗiya ba kwari, gyaɗar an shuka ta jefi-jefi tsakanin layukan gero, ƙasa na bayyana a tsakaninta, rawayar kuma ta warwatsu gungu-gungu. Wannan hoto ɗaya ya raunana zancen kwanciyar ruwa da na maganin ciyawa, ya kuma raunana shawarar yuriya, domin yunwa ba ta cika zaɓar gindi ɗaya ta bar na kusa da shi ba.

Hoto na uku da za a nema shi ne na gindin da ya kamu, dukansa, daga gefe, tare da lafiyayyen gindi a hoto guda. Sharaɗin nan na lafiyayyen gindi yana da muhimmanci ƙwarai, kuma manoma sukan tsallake shi, don a ganinsu ba mai lafiyar ake tambaya ba. Amma kyamarar waya na gyara launi da kanta gwargwadon haske, ta yadda kore mai haske zai fito rawaya da rana tsaka, rawaya kuma ta fito kore a inuwa. Idan mai lafiya da mara lafiya na cikin hoto guda, duk abin da kyamara ta yi wa ɗaya ta yi wa ɗayan, sai a iya gwada su. Haka kuma ba a gane tsumburewa sai da abin kwatance.

Hoton ya zo. Gindin da ya kamu bai kai rabin tsawon ɗan'uwansa ba. Gaɓoɓinsa sun matse, ganyen sama ƙanana ne, sun nannaɗe sun cunkushe wuri guda kamar an dunƙule su. Tsiron da ke jin yunwa yakan rame ya koɗe, amma siffarsa ba ta karkacewa haka. A nan zato ya karkata sosai ga kuturta.

A lura cewa kuturtar iri biyu ce da aka fi sani. Akwai mai sa rawaya, akwai kuma koriya, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma, inda ganye ke yin kore mai duhu amma tsiron ya tsumbure. Manomin da ke neman rawaya kaɗai zai wuce gindin da ya kamu da koriyar bai ɗauke shi hoto ba, shi ya sa akan tambaye shi ko akwai waɗanda suka ƙi girma ko da ba su canza launi ba.

Sai a hoto na huɗu ne ake matsowa kusa, kuma ba saman ganye ake so ba. Ana son bayan ganye, da kan toho, da kuma wajen fure. A nan darɓa ke taruwa. Tsawonta bai wuce kimanin milimita 2 ba, don haka sai an ajiye tsinken ashana a gefe domin a san girman abin da ake kallo, a kuma taɓa fuskar wayar a daidai wurin kafin a ɗauka, don kada kyamara ta mai da hankali ga ƙasar da ke baya. Kiyashi masu hawa da sauka a jikin tsiro, da danƙo-danƙo a ganye, alamu ne na darɓa ko da ba ta fito a hoton ba.

Bayan ganyen na da wani amfanin. Tsatsa a nan take fitowa, ƙuraje ja-ja masu barin gari a yatsa. Cutar ɗige-ɗige mai zuwa a makare ita ma a bayan ganye ta fi baƙi. Da hoton ya nuna ɗayansu, da zancen ya koma na maganin feshin naman gwari, wanda ba shi da wani tasiri a kan darɓa ko bairos.

Wani abu da ke ruɗar mai koyo shi ne rashin ganin darɓar. Wannan ba ya wanke gona daga kuturta. Ƙwaron na iya zuwa ya tsotsa ya tashi, ko ruwa mai ƙarfi ya wanke shi, alamun cutar kuma su bayyana kwanaki bayan haka.

Na ƙarshe shi ne wanda manomi ba ya so: a tumɓuke gindi guda da saiwarsa, a wanke, a ɗauka. Idan saiwar fara ce mai ƙarfi, ba ramin gara, ba ruɓa a wuyan tsiron, an cire ɓarnar ƙarƙashin ƙasa. Sannan a tsaga ƙululu biyu ko uku da reza. Idan cikinsu ja-ja ne, suna aiki, tsiron na samun naitirojin ɗinsa, kuma kuɗin yuriya asara ne.

Abin da hoto ba ya ɗauka

Ko da an samu hotunan nan duka, akwai bayanan da ba su da siffa, sai an tambaya. Malamin gona ba ya buƙatar takarda mai tambayoyi ashirin. Yakan zaɓi waɗanda amsarsu za ta iya sauya shawararsa.

Yaushe aka shuka? Kuturta ta fi kama gyaɗar da aka makara wajen shukawa, domin tana ƙarama lokacin da darɓa ta yawaita. Ta kuma fi kama wadda aka shuka da tazara, saboda ƙwaron mai fiffike ya fi sauka a inda tsiro ke tsaye ƙasa na bayyana kewaye da shi. Ruwa ya ɗauke a 'yan makonnin nan? Darɓa na hayayyafa sosai a lokacin fari na tsakiyar damina. Wane iri ne, kuma daga ina? Me aka zuba ko aka fesa, yaushe, kuma da wace tankin feshi? Tambayar tanki ba ta wasa ba ce, domin tankin da aka fesa maganin ciyawa da shi ba a wanke sosai ba yakan nannaɗe ganye har ya yi kama da cuta. Idan an fesa wani abu, hoton takardar da ke jikin kwalbar ya fi sunan da manomi zai faɗa, tunda a kasuwa magunguna daban-daban kan amsa suna ɗaya.

A misalin da ake bi, manomin ya ce sai tsakiyar Yuli ya shuka, bayan ya gama da gero, irin kuma na kasuwa ne, sannan an yi kusan mako biyu ba ruwa a ƙarshen watan. Bai fesa komai ba. Duk amsoshin sun tafi hanya ɗaya da hotunan.

Saura tambayar yawa, wadda hoto ke yaudara a kanta fiye da komai, domin ba wanda ke ɗaukar hoton inda gona ta yi kyau. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a sa manomin ya zaɓi kunya biyar a sassa daban-daban, ya ƙirga gindi 20 a jere a kowace, ya faɗi nawa ne suka kamu cikin 100. Idan ya ce 8 ko 10, shawarar ita ce ya tumɓuke su ya binne tun da wuri don kada su zama rumbun cuta, ya kuma duba ko darɓar na nan da yawa kafin a yi zancen feshi, wanda amfaninsa kare masu lafiya ne kawai. Idan ya ce 70, feshi zubar da kuɗi ne, kuma maganar ta koma ta baɗi.

Game da baɗi, abu ɗaya zai kwantar masa da hankali: kuturta ba ta bin iri. Amma irin da ya shuka ya nuna ba shi da juriya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, tare da haɗin gwiwar ICRISAT, ta fitar da nau'o'i masu jure cutar, daga ciki har da Samnut 24 da aka saki a 2011, mai saurin nuna. Shuka da wuri, da matse tazara zuwa santimita 10 ko 20 tsakanin gindi da gindi a kan kunya, suna rage kamuwa.

Inda waya ke tsayawa

Ba kowace matsala ke ƙarewa kamar wannan ba. Idan hoton nesa ya nuna rawaya shimfiɗe a gona duka, a sababbin ganye, ba tsumburewa, to an shiga fagen da ƙarancin ƙarfe da na farar wuta ke kama da juna, kuma launin da waya ta bayar ba abin dogaro ba ne wajen raba su. Haka nan akwai wasu cututtukan bairos na gyaɗa da alamunsu ke kusa da na kuturta, waɗanda sai a ɗakin gwaji ake tantance su. Sau da yawa ma abu biyu ne ke damun gona a lokaci guda. A irin wannan hali ƙarin hotuna ba ya ƙara komai, kuma malamin da ya ci gaba da nema yana ɓata wa manomi data da lokaci ne kawai. Abin da ya rage shi ne ziyara, ko a kai samfur.

Akwai kuma batun ingancin hoton kansa. WhatsApp na matse hoto kafin ya aika, sai ƙananan abubuwa irin darɓa su narke su zama ɗigo. Aika shi ta zaɓin Document, ko danna HD, na kiyaye shi, ko da yake ya fi cin data, abin da ke da nauyi a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Shi ya sa ya fi kyau a nemi hakan a kan hoton kusa kaɗai. Ɗauka da sassafe ko da la'asar, rana na bayan mai ɗauka, bayan an goge gilashin kyamara da gefen riga, ya fi kowace dabara gyara hoto.

Idan ta kai ga kai samfur, ko ga malaman gona na hukumar KNARDA ko ga wata cibiyar bincike, ana son gindi sukutum da saiwarsa da ɗan ƙasar da ke jikinta, wanda ya fara kamuwa ba wanda ya riga ya mutu ba, tare da lafiyayye guda daga gonar. A naɗe kowanne daban a takarda. Leda na tara zafi da gumi, kuma kafin a isa Kano daga Zakirai a cikin motar haya, ganyen zai dahu ya yi baƙi, alamun da aka ɗauko shi dominsu su ɓace.